Layin Goggo

Goggo, ƙanwar mahaifina, ba ta da waya amma tana da layi. Tun da wayarta ta faɗa rijiya a Nariya ta ƙi sayen wata. Sim ɗin take ƙullewa a haɓar zani tare da ɓarin goro, ga hannunta kullum da maiƙon man shanun da take sayarwa. In tana son magana da ɗanta, sai ta zo gidana a Kibiya ta miƙo mini shi kamar ta ba ni ajiyar waya. Ba ma shiri da ita ko kaɗan. Ba ta taɓa son mahaifiyata ba, da ta rasu kuma sai ƙiyayyar ta dawo kaina.

Wata Juma'a ta iso da hantsi. Ɗan nata yana rakiyar shanu zuwa kudu a manyan motoci, shekara uku ba ta sa shi a ido ba. Ya gaya mata a wannan ranar motarsu za ta bi ta Rano, direba zai ɗan tsaya, zai kira ta ya faɗa mata inda za ta same shi. Ba shi da lambata, don ni da shi ma gaisuwa ba ta haɗa mu. Har da ƙullin dambun nama ta zo masa da shi.

Na kashe wayata, na zura bayan ɗan kunnena a ramin gefe, tiren sim ya fito. Na cire nawa na ɗora nata, na daidaita gutsurarriyar kusurwar, ƙarfen yana kallon ƙasa, na mayar na kunna. Waya ta rubuta babu sim. Na sake fito da tiren na duba ko ya lanƙwashe, ko sim ɗin ya zame daga gurbinsa garin turawa. Lafiya lau yake. Na mayar da nawa, nan take ya kama. Ashe ba wayar ba ce.

Goggo ba ta karatu, amma tana karanta fuska. Ta ce me ya faru, na ce waya ta ce ba ta ga layinta ba. Ta ce ƙarya nake, a gabanta na saka shi, yaya abu zai shiga ciki a ce babu shi. Na fara yi mata bayani cewa akwai wasu 'yan ƙarafa a ciki da dole su taɓa fuskar sim ɗin, in datti ya shiga tsakani waya ba ta sanin yana nan. Ina faɗa ina juya shi a haske, na kuwa ga abin: maiƙo ya haɗu da garin goro ya yi dauɗa a kan ƙarfen. Gogewa kawai yake so.

Ba ta bari na ƙarasa ba.

"Ke kika kashe shi. Ba kya son in ga ɗana. Haka uwarki take, baƙar zuciya har ta shiga kabari."

Raina ya ɓaci irin wanda ban taɓa ji ba. Na ɗora mata sim ɗin a tafin hannu yadda yake.

"To Goggo, ki kai wa masu farar zuciya."

Ta kai maƙwabta aka gwada a wata waya, ita ma ta ce babu sim. Wannan ya ƙara tabbatar mata ni na lalata shi. Aka ce ta je wurin masu gyara a kasuwa, ta ce ba za ta ba baƙo layinta ya sace mata lamba ba. Ta dawo ta zauna a tsakar gidana tana ta zage-zage har la'asar, ni kuma ina tankaɗe kamar ban ji ba. Na san maganin, na yi shiru da gangan, kuma a lokacin daɗi nake ji.

Ta kwana a gidan, ba ta taɓa tuwona ba. Da safe mijina ya ce in ji tsoron Allah. Na karɓi sim ɗin, na ɗiga sifirit a tsumma mai laushi na goge ƙarfen, na bar shi ya bushe, na hure ƙurar tiren na mayar. Layi ya kama. Saƙonni suka fara shigowa na kiran da aka yi jiya ba a samu ba, duk lamba ɗaya.

Na kira na miƙa mata. Ina jin muryarsa daga inda nake tsaye. Ya ce ya roƙi direba sun tsaya a Rano tun azahar har shanu suka fara galabaita, dole suka wuce. Yanzu sun yi nisa, bai san ranar dawowa ba.

Goggo ta miƙo mini wayar. Ba ta zage ni ba. Ta tambaye ni me na yi wa layin ya tashi, na ce goge shi na yi.

"Jiya ba ki da tsumma?"

Na cire mata layin daga wayar. Ta ƙulle sim ɗinta ta fita, kuma ba ta sake tako gidana ba.