Layi na Huɗu a Takardar Neman Aikina

Shekara shida na yi ina bin malamin dabbobi a baya, ni ne mai ɗaukar kular ƙanƙara. Ma'aikacin wucin gadi ne ni a ofishin kula da dabbobi, irin waɗanda ake ce wa su yi haƙuri, ana nan ana duba maganarsu. Maigidana dattijo ne, dogo, marar yawan magana. Makiyaya na kiransa Dakta, mu kuma Baba muke ce masa. Shi ke gaba a babur, ni a baya da kula a cinya, daga Daura har rugagen da ke bayan garin Babban Mutum.

A shekarar da Baba ya yi ritaya wata ƙungiya mai aikin lafiyar dabbobi ta buga neman jami'in da zai riƙa shiga rugage. Mutum ɗaya suke so. Na san in wannan ya wuce ni, kula zan ci gaba da ɗauka a bayan wani, wataƙila ma wanda na girme shi. Na ciro takardar tarihin aikina, sibi ɗin nan da aka buga mini tun ina sabon fitowa daga makaranta, na kai wa ƙanwata. A Katsina take aiki, a ofishin ɗaukar ma'aikata na wani kamfani, ta zo gida hutun ƙarshen mako.

Ta karanta tana ta murmushi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da Turanci aka rubuta, amma ma'anar layukan ita ce: alhakin ajiye magani a firji, alhakin cike rajista, taimakawa wajen yi wa awaki allura, raka babban jami'i zuwa rugage. Ta ce wannan ba tarihina ba ne, jadawalin aikin kujerar ne, duk wanda aka ɗora a kanta haka zai rubuta, ko da barci ya yi shekara shida. Na ce mata ai yabon kai jahilci ne. Ta ce to in zauna da ilimina, mai yabon kansa ya ɗauki aikin. Na kusa karɓe takardata in fita, sai dai ba ni da wata ƙanwar da ta san harkar.

Ta ajiye kwamfutarta a kan tabarma ta fara yi mini tambayoyi kamar alƙali. Ta ce kowane layi zai fara da aikatau mai ƙarfi, wanda ke nuna abin da hannuna ya yi: na tsara, na rage, na horar, na gyara. Daga nan sai abin da aka yi, sannan abin da ya canza saboda an yi shi, da lamba in akwai ta gaskiya. Kalmar "alhakin" kuwa ta ce kada ta sake ganinta.

Layin firji muka fara. Ta tambaye ni me ya faru da maganin a hannuna. Na ce ba komai, bai dai lalace ba. Ta ce to kafin in zo fa? Sai na tuna a da duk ɗauke wuta ta kwana biyu sai an zubar da magani, ni ne na shirya da mai sayar da ƙanƙara a kasuwa, na kuma fara rubuta sanyin firji safe da yamma. Layin ya koma: tsara hanyar adana rigakafi lokacin ɗauke wuta, wadda ta hana asarar magani tsawon damina uku. Rajista ta koma: haɗa bayanan rugage daga littattafai huɗu zuwa guda, har rahoton wata ya riƙa fita a yini ɗaya maimakon mako. Allurar awaki ma muka ƙirga ta daga littafina, ba mu ƙara ko akuya ɗaya ba. Gaskiya na ji daɗi. Ban taɓa sanin na yi wani abu a duniya ba sai ranar.

A layi na huɗu aka kira ta cikin gida. Tana tashi ta ce in ƙarasa da kaina, na ga yadda ake yi.

"Amma Yaya," in ji ta, "duk kalmar da ka sa, za a tambaye ka a kanta. Abin da ba naka ba kada ka taɓa."

Ga abin da ke ƙarƙashin layin nan na rakiya. Akwai rugage tara da suka shekara biyar ba sa yarda a yi wa shanunsu allurar ciwon huhu. An taɓa yi musu, wurin allurar ya kumbura a wasu shanun, magana ta bazu cewa tana zubar da ciki tana busar da nono. Motar gwamnati in ta nufo su, sai a kora garke daji. Baba bai yi musu wa'azi ba. Karsanarsa guda, wadda ya yi shekaru yana tattali, ya sa aka kora har rugar arɗonsu, ya yi mata allurar a gaban kowa, ya ce ta zauna a cikin garkensu su gani da idonsu. Wata biyu tana can, yana zuwa duk Laraba ya zauna ya sha fura, ba ya tayar da zancen. Da kansu suka aiko a zo. Ni abin da na yi shi ne riƙe kula, da miƙa sirinji, da rubuta adadi.

Na san abin da ya kamata in rubuta: tallafa wa babban jami'i, kula da sanyin magani da rajista a aikin da ya dawo da rugage tara. Har na buga shi. Na dube shi kusa da sauran ukun, na ga ya yi sanyi, ya zama ɗan rakiya kamar mai shi. Na goge. Na rubuta: shawo kan rugage tara da suka shekara biyar suna ƙin rigakafi, har suka kawo garkensu da kansu. Da ƙanwata ta dawo ta karanta, ta ɗago ta dube ni da wata irin girmamawa da ban saba gani a idonta ba. Ta tambaya ko ni na yi wannan. Na ce eh.

A wurinmu ba ka aika takardar neman aiki ba tare da ka kai wa wanda ya rene ka a sana'a ya sa albarka ba, balle ma sunan Baba na sa a cikin masu ba da shaida a kaina. Na same shi da hantsi a zaurensa yana gyara igiya. Idonsa ya yi rauni, sai ya miƙo mini takardar ya ce in karanta masa da Hausa. Wannan ban yi tunaninsa ba. Na karanta na firji, ya gyaɗa kai, ya ce haka aka yi. Na rajista, ya yi dariya ya ce ashe ina lura. Da na iso na huɗu sai na koma wa tsohon layin. Na ce, raka babban jami'i zuwa rugage domin rigakafi. Ya ce madalla, ya ɗaga hannu ya yi mini doguwar addu'a, ni kuma ina amin da takardar ƙarya a cinyata.

A intabiyu, a Katsina, mutum uku ne. Ba su ɓata lokaci a kan firji ba. Wata mata mai tabarau ta sa biro a layi na huɗu ta ce in gaya musu yadda na yi. Nan ne ƙofa ta ƙarshe da zan iya fita, in ce maigidana ne ya yi, ni na koya a wurinsa. Ban fita ba. Na ba su labarin karsana tiryan-tiryan, da fura, da zuwan Laraba, sai dai duk inda Baba yake na sa kaina. Labarin ya yi daɗi a bakina, abin da har yau nake jin ƙyamarsa ke nan. Bayan mako uku aka kira ni aka ce na samu.

Na sayi goro da turare na tafi yi wa Baba godiya, kamar yadda ake yi. Ya yi murna sosai, ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi inda za a tura ni. Har na fara sakin jiki. Sai ya ce mutanen sun kira shi a waya kafin su yanke shawara, wata mata ce, mai ladabi, ta karanta masa takardar layi-layi tana tambaya ko haka ne.

"Akwai guda da ban ji ba ranar da ka karanta mini," in ji shi. "Kunnen tsufa."

Na sunkuyar da kai. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, "Baba, me ka ce mata?"

"Na ce mata kana wurin tun daga farko har ƙarshe, ba ka taɓa fashi ba. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ita ta san yadda ta fahimta."

Mutumin nan shekara shida ban taɓa jin ya karkata magana ba, ko a kan kwalbar magani ɗaya. Ni na kai shi inda sai da ya auna kalmominsa don kada ya yi ƙarya kuma kada ya kashe ni. Na buɗe baki zan nemi gafara, ya ɗaga hannu ya ce in bar shi, aiki dai in riƙe shi da amana, makiyaya ba sa karanta takarda.

Na so a ce ya zage ni. Na zauna ina jira, shi kuma yana juya goro a hannu. Can ya tambaya ko ina da kwafin takardar a jakata. Na ce akwai. Na zaci yaga ta zai yi, ko ya sa in gyara a gabansa, kuma da na gyara da gudu.

"Bar mini guda," in ji shi. "Shekara talatin da biyu na yi ina aikin nan, takardar sallamata layi biyu ce. Ban taɓa jin an faɗi abin da aka yi a rugagen nan da kyau kamar yadda matar nan ta karanta mini ba. Ina so jikokina su karanta."

Na ciro na miƙa masa da hannu biyu. Sunana ne a sama, da manyan baƙaƙe. Ya linke ta huɗu a hankali ya sa a aljihun gaba.