Soson da na kai Ingila

Shekara shida na yi ina koyar da kiwon lafiya a wata firamare a Roni, kuma duk ilimin da na zuba wa yara a wannan darasi bai wuce ruwa da sabulu da soso ba. Kowace Litinin da safe sai in jera su a filin makaranta, in bi su ɗaya bayan ɗaya ina jan farcena a ƙwaurinsu. Wanda farin layi ya fito a ƙafarsa an kama shi, sai ya nufi rijiya. Ban taɓa zaton farin layin nan yana iya nufin wani abu ban da dauɗa ba. Littafin da aka ba mu bai faɗa ba, ni kuwa a lokacin abin da littafi bai faɗa ba bai faru ba.

A shekarun da kuɗin fetur ya fara yi wa gwamnati yawa aka shiga kwasar malamai ana tura su kwas ƙasashen waje. Sunana ya fito: shekara guda a wata kwaleji ta horar da malamai a arewacin Ingila. Sharaɗin samun takarda shi ne mutum ya yi makonni yana koyarwa a makarantar yaran Turawa, sannan mai jarrabawa ya zo ya zauna a bayan aji ya gani da idonsa. Wanda bai yi wannan ba, sai ya koma gida da hotuna kawai.

Inna ce ta haɗa mini kaya a gidanmu na Kazaure. Ta sa kuka da daddawa da yaji, ta sa soso goma sha biyu, da curin sabulun salo, da dutsen goge ƙafa. Ta sa gwangwanin man kaɗanya, na zare shi na ajiye a kan tabarma. A garin da duwatsu ke mayar wa mutum da zafin rana har bayan magariba, gumi shi ne man shafawar namiji. Mai sai mata, sai jarirai, sai 'yan makonnin ɗari da mutum zai ɗan lakata ya shafa a ƙafa yana waige-waige. Kuma ban ga yadda zan shiga ƙasar Turawa ina ƙanshin kaɗanya ba.

“To shi ke nan,” in ji Inna. “Amma ka ji tsoron sanyi. Kada ruwan sanyi ya taɓa ka, kada ka buɗe taga. Sanyi idan ya shiga ƙashi ba ya fita.”

Wannan umarni na bi shi fiye da yadda na taɓa bin wani. A ɗakin kwanana na kwaleji akwai wani ƙarfe mai haƙarƙari a jikin bango, ruwan zafi na zagayawa a cikinsa. Hita muke ce masa. Na murɗa shi har ƙarshe, na jawo gadona na manna da shi, na toshe ramukan taga da tsofaffin jaridu. Na sayi rigar ulu mai kauri ina sa ta a kan fata, ba singileti. Wanka kuwa, a gida sau uku nake yi a rana, ban ga dalilin da zai sa in rage ba don na zo inda ruwan zafi ke fitowa daga bango. Sai in cika bahon da ruwan da zai iya fige kaza, in shiga in zauna kamar an jiƙa wake, in dirje jikina da soso da sabulun salo. Ga alwala sau biyar, ita ma da ruwan zafi, in fita da ɗanyen hannu cikin iska mai yanka.

Kafin wata biyu na fara fari. Ƙwaurina ya yi furu-furu, gwiwar hannu ta yi kaushi, leɓe ya tsage. Wata safiya na ja farcena a ƙafata, farin layi ya fito ɓaro-ɓaro. Na tsaya ina kallonsa, ni malamin kiwon lafiya na Roni, an kama ni. Hukuncin da na sani ɗaya ne, shi na yanke wa kaina: na ƙara wanka na huɗu, na ɗauko dutsen goge ƙafa na hau da shi har gwiwa.

Maƙwabcin ɗakina wani malami ne ɗan Babura, tare muka zo. Shi bai damu da wanka ba, sau biyu a mako ya ishe shi, kuma fatarsa na nan sumul. Na ɗauki wannan a matsayin rashin adalcin duniya.

“Malam, ƙazwa ce,” ya ce, bayan ya duba hannuna daga nesa. “Na san ta, ta yi wa ƙanena haka. Ka bar sabulun gida, ka nemi mai magani. Kuma don Allah kada ka taɓa tawul ɗina.”

Na sayo jan sabulu mai warin asibiti, na haɗa da ruwan kashe ƙwayoyin cuta ina tsiyayawa a baho. Fatar ta tashi daga fari ta koma kamar ƙasan tafki a ƙarshen rani, tsaga-tsaga. Ƙaiƙayi ya zama sana'a. Na ƙware wajen soshe baya da ƙofa ba tare da an gane ba, ko dai haka nake zato.

A haka na fara koyarwa. Alli ya ƙarasa abin da soso ya fara, domin ƙurarsa na shanye ɗan danshin da ya rage a yatsa. A rana ta tara ina zana taswirar kogin Kwara a allo sai gaɓar yatsana ta tsage, jini ya ɗiga a kan littafin wata yarinya ta layin gaba. Ta kai wa uwarta, uwar ta kawo wa shugabar makaranta. Shugabar ta kira ni ofis, ta ba ni shayi, ta yi mini magana mai taushi har sai da na yi minti biyar kafin na gane kora ce. Ba zan sake shiga aji ba sai likita ya rubuta cewa abin da ke jikina ba ya yaɗuwa. Saura mako uku mai jarrabawa ya zo.

Na tafi ɗakin shan magani na kwaleji ina lissafin yadda zan sauka a tashar motar Kazaure ba takarda, da abin da zan ce wa mutanen da suka raka ni har bakin mota. Nas ɗin da ke wurin baƙar fata ce, babbar mace. Ta dubi katina, ta dube ni, sai na ji Hausa tsantsa.

“Kai ɗan Kazaure ne? Wace unguwa?”

Ashe a can aka haife ta. Mahaifinta tela ne daga kudu, Kirista, ya yi shekaru yana ɗinki a bakin kasuwa. Na ji daɗi, sannan na ji tsoro, domin duk abin da ta gani yau yana iya riga ni isa gida.

Ta sa na naɗe hannun riga. Ta duba tsakanin yatsuna da wuyan hannu a ƙarƙashin fitila, inda ƙazwa ke haƙa hanyarta, ba ta ga komai ba.

“Malam, sau nawa kake wanka?”

“Huɗu, Sista,” na ce, da ɗan alfahari.

“Da me?”

Na lissafa mata. Da na zo kan dutsen goge ƙafa sai ta zauna.

“Wayyo ni! Kai fata kake jima ko wanka kake yi? Me kake koyarwa a gida?”

“Kiwon lafiya.”

Dariyar da ta yi sai da wata Baturiya ta leƙo.

Bayan ta share hawaye ta yi mini darasin, ni kuwa na zauna kamar ɗan aji ɗaya. Ta ce fata tana da nata maiƙo da ke riƙe ruwa a ciki. A gida zafi na sa jiki ya yi ta fitar da gumi da maiƙo, don haka duk dirzar da mutum zai yi, kafin azahar an mayar. Nan kuwa iskar sanyi ba ta ɗauke da danshi sosai, idan hita ta ɗumama ta sai ta ƙara bushewa, ta yi ta zuƙe ruwa daga duk abin da ke ɗakin, har da mai ɗakin. Ruwan zafi da sabulu suna kwashe maiƙon, ulu yana goga wurin da ya tsage. Farin da nake gani busasshiyar fata ce ke tashi.

Ta rubuta mini doka. Wanka sau ɗaya a rana, a gaggauce, da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Sabulu sai hammata da matse-matsi da ƙafa. Soso da dutse su huta. In na fito kada in goge jiki, in ɗan daddanna tawul, in shafa mai tun fatar na da danshi, domin shi man rufe ruwan yake yi a ciki. Ta ba ni babbar roba ta wani farin mai mai kauri, da basilin na leɓe da yatsu. Singileti da dogon wando na auduga a ƙarƙashin ulu, safar hannu in zan fita. Hita a rage ta, a janye gado, a ɗora kwanon ruwa a kanta.

“Alwala fa, Sista? Ba ta raguwa.”

“Wa ya ce ka rage? Ka yi abarka da ruwa mai ɗumi, ka tsane hannu, ka shafa kaɗan nan take. Kafin wata sallar ya shige jiki. Innarka ba ta ba ka man kaɗe ba?”

Na ce mata e, Inna ta ba ni.

“Yana ina?”

“Yana Kazaure.”

“Ka kyauta. Ka ɗauko soso goma sha biyu ka haye teku da su.”

Likita ya duba ni washegari, ya ba ni wani man magani na 'yan kwanaki don wuraren da suka yi tsanani, ya rubuta takarda layi biyu cewa bushewar fata ce, ba ta kama kowa. Ɗan Babura ya karanta ta sau biyu, duk da haka bai mayar da tawul ɗinsa banɗaki ba. Shugabar makaranta ta karɓa, amma ta ce in bari hannun ya daina jini. Kwana goma na yi ina bin doka. Abin da ya fi yi mini wuya shi ne rage hita. Duk lokacin da na murɗa ta baya sai in ji kamar na saɓa wa Inna. A kwana na huɗu ƙaiƙayi ya lafa. A na goma tsagar yatsu ta haɗe, na koma aji.

Ranar jarrabawa na ga ya kamata in yi shiri na musamman, sai na ninka man sau uku. Na shiga aji ina ƙyalli. Alli ya suɓuce daga hannuna sau biyu. Na dafa allo da hagu ina zana kogin Kwara da dama, da na ɗaga sai ga tafin hannuna ya fito raɗau, yatsu biyar, kuma duk inda maiƙon ya taɓa alli ya ƙi kamawa. Dole kogin Kwara ya kauce ya zagaye hannun kafin ya isa teku. Yara suka yi ta dariya, ni kuwa na ci gaba da bayani kamar haka Allah ya yi kogin.

Mai jarrabawa, wani dattijo mai tabarau, ya rubuta cewa na ci, kuma ina da natsuwa a gaban aji. A ƙasa ya ƙara layi guda, yana ba da shawarar in riƙa goge hannu kafin in taɓa allo.

Na dawo da takardata da soso tara. Litinin ta farko a Roni na jera yara kamar da. Na ja farce a ƙwaurin na farko, farin layi ya fito, ya juya zai nufi rijiya. Na kira shi ya dawo, na tambaye shi ko akwai man kaɗanya a gidansu. Ya ce akwai, amma na mata ne.