Bakin Safar Surukina

Ni ban yi boko ba, amma a Kusada idan aka yi haihuwa ba a hular jariri da 'yar safarsa sai an biyo ta ɗakina. Wata ungozoma ce ta koya mani saƙa da tsinke tun ina da ƙuruciya, kuma abin da na fi taƙama da shi hannuna ne. Hannuna na da tsauri. Kitson da na yi wa mace sai ta kwana biyu ba ta iya dariya, saƙata ma haka take, a matse, ba ƙofar iska. Na tsufa ina ɗaukar wannan abin yabo ne ko'ina.

Wata shekara da sanyi ya yi tsanani na ji ana cewa mijin ɗiyata ta fari, mai tafiya kasuwar Kankia a babur da sassafe, ƙafafunsa na sandarewa a hanya. Na ce ni zan yi mashi safa. To amma suruki ne. Ba na kallon fuskarsa, ba na kama sunansa, ita ɗiyar ma kunyarta nake ji, balle in ce ta auno mani ƙafar mijinta. Ranar da ya zo gaisuwa ya tuɓe takalmi a bakin zaure, na lallaɓa na auna takalmin da kara. Tsawo na samu. Kaurin dunduniya kuwa takalmi bai gaya mani ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Na kafa bakin safar yadda na saba, da salon da muke ce wa mai wutsiya. Za ka jawo zare mai tsawo ka bar shi yana reto, ka ɗaura ido na farko, wato zargen zare, a tsinke, ka rataya wutsiyar a babban yatsa, zaren dunƙulen a manuniya, kana ɗebo ido kana ɗorawa. Tana da sauri, bakin kuma na fita da ɗan layi kamar igiya. Wahalarta ɗaya da na sani, wutsiya ta ƙare maka ana saura kaɗan, ka warware ka sake. Kowane ido na ja shi ya manne da ɗan'uwansa, don kada a ce safar suruki tana zamewa. Na saƙa wuyan safar da ido ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, na gama, na aika. Amsa ta dawo: ya gode, Allah ya ƙara girma. Na bi gidaje ina ba da labari.

Ina da taubashiya a Kankia, sa'ata ce, ita ma tana saƙa, kuma tun muna 'yan mata ba mu taɓa haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Bayan kamar wata guda ta zo suna Kusada, ta shigo ɗakina, ta ciro wani abu daga jaka ta jefa mani a cinya. Safata ce, an tsaga bakinta da reza.

"Ke uwar gwanaye," in ji ta, "safa kika yi wa bawan Allah ko dabaibayi?"

Ta ce ta biya rumfarsa sayen gishiri ta tarar yana ɗingishi. Ita ba ruwanta da kunyarsa, ta sa ya ɗage wando, ta ga zobe a ƙwaurinsa kamar an ɗaure akuya. Kullum sai ya yi kokawa kafin bakin ya wuce dunduniya, in ya wuce kuma ya shaƙe ƙafa. Bai iya daina sawa ba don kada labari ya iso mani, bai iya faɗa ba don ni surukarsa ce. Da ta kai shi maƙura ya tsaga da reza, yana ɓoyewa a ƙarƙashin wando.

Na ce ƙafarsa ce ta yi girma fiye da ta mutane. Ta ce jarirai na saba yi wa, masu dunduniya kamar ƙullun fura, kuma su ma da suna magana da tuni sun kai ni ƙara.

Sai ta ɗauki tsinkena ta nuna mani inda matsalar take. Wuyan na buɗewa sosai, amma layin farko ba ya bi, don zaren wutsiya ne ke kwance tsakanin ido da ido, ni kuma ban bar mashi sarari ba. Ta ce ko da mai wutsiyar zan yi, in riƙa barin tazara tsakanin idanu a kan tsinke, zai buɗe. Na gwada a gabanta. Idanu biyar na farko sun yi sarari, na shida hannuna ya koma halinsa ban sani ba. Ta yi dariya har ta yi tari.

Abin da ya rage shi ne nata salon kafa baki, wanda na shekara ashirin ina zagi. Mu muna ce mashi mai ƙubaka, don bakin na naɗewa kamar ƙubakar wando. Ana farawa da zaren banza mai wani launi, a ɗora rabin idanun da ake so. Sai a kawo zaren gaske, da tsinke ɗan siriri, a saƙa layi uku ko huɗu. Daga nan a naɗe: a saƙa ido ɗaya na kan tsinke ta gaba, a ɗauko ido ɗaya na layin farko, wanda ke maƙale jikin zaren banza, a saƙa shi ta baya. Haka har idanu su ninka. Sannan a raba su a tsinkaye a zagaye, a zare zaren banzan a yar. Wannan yarwar ce ke ba ni haushi. A ganina mace mai hankali ba ta saƙa abin da za ta zubar.

Na ce mata zan gwada ne kawai don in nuna mata aibinsa. Sau uku ina warwarewa, don idanun layin farko na ɓace mani, idona kuma ba na da ba ne. Na huɗu ya fita. Bakin ya yi zagaye sumul, ba igiya, layukan wuyan suka bi ta kansa suka juya ciki kamar safar kanti. Na ja shi da hannu biyu, ya buɗe, na saki, ya koma. Na nemi aibi. Na ce ya cinye mani yini guda, mai wutsiya kuwa kafin ruwa ya tafasa an gama. Ta ce gaskiya ne, in aika wa ƙwaurin surukina wannan bayanin.

Ita ta auno mani dunduniyarsa da zare, daga bayan diddige ya zagayo ta wuyan ƙafa. Na gama na aika. Amsa ta dawo: ya gode, Allah ya ƙara girma. Wannan amsa ba ta amfane ni da komai ba, ko ƙaya na saƙa mashi abin da zai ce ke nan.

Ran Juma'a ya zo gaida maigidana, la'asar ta riske shi, aka kai mashi buta bayan zaure. Ni da jikokina sun yi aure, na tsuguna jikin zana, na buɗa 'yar kafa da yatsa na sa ido. Ya zauna a kan dutse, ya sa yatsa ɗaya a bakin safar, ta zare sulul. Ƙwauri lafiya lau, ba zobe. Ya gama alwala ya mayar, ta hau ta zauna daram.

Ina nan tsugune na ji gyaran murya a bayana. Maigidana ne.

"Hajiya, me ake kallo?"

Na ce kaza ce ta yi ƙwai a nan. Ya leƙa ta kafar, ya ga surukinsa na gyara wando, ya dube ni.

"Babbar kaza kuwa," ya ce, ya wuce masallaci.

Gwiwata ta ƙi tashi. Sai da na jira masu salla suka watse, taubashiyata da ta sake zuwa ta kwana gidanmu ta zo ta ɗaga ni, kuma kafin magariba babu matar da ba ta ji ba a unguwar.