Takarda Zuwa ga Mai Kiran Sunan Leburori

Shekarar da aka ɗebi mazan unguwarmu aikin hanyar mota wajen Wudil, ina da goyo, kuma ban san ko alif ba. Karatun boko sai da na yi furfura na shiga ajin manya na koya. To amma takardata ta farko tun a wancan lokacin na aika ta, da bakina da hannun wani.

Wata ɗaya aka ce za su yi. Wata ya cika, maza suka dawo unguwarmu Limawa, a Dutse, ban da maigidana. Da na tambaya sai suka ce ai an riƙe shi ne saboda ya iya fasa dutse. Ka ji laifi! Mutumin Dutse ya iya fasa dutse. Ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma, ga irin gero a rataye, gona kuwa ko sharar ba a yi ba. In ruwan shuka ya sauka ba ya nan, mun san abin da za mu ci baɗi: iska.

Na aika wa dagaci, ya ce shi bayarwa ya yi, sakin mutum kuma yana hannun masu aikin. Sai na saɓa goyona na tafi zauren ƙanen mahaifina, wanda shi ke rubuta wa unguwa takarda da ajami.

Baffa ya fere alƙalami, ya jawo tawada, ya ce, "Zuwa ga wa?"

Na ce, "Zuwa ga wanda ya riƙe min miji."

"Sunansa nake tambaya, 'yar nan."

"Da na san sunansa, Baffa, ai da tuni ya ji shi a bakina har Wudil."

A wancan zamani takarda tana da ƙa'ida. Za a ce ta fito daga hannun wane zuwa ga wane, a jera gaisuwa daidai girman mutum, a ce amma bayan haka, sannan a faɗi buƙata, a rufe. A naɗe, a rubuta mai ita a baya. Sai Baffa ya ce aikin hanya ai na Turawa ne, don haka babban wurin Bature ne. Ya rubuta zuwa ga Bature, Zaki, kamar yadda ake gaishe su a lokacin. Ya sa sallamar da malamai ke yi wa wanda ba Musulmi ba, wato aminci ga wanda ya bi shiriya. A ƙarshe ya sa "daga baiwarka". Wannan kalma ta tsaya min a wuya, amma na haɗiye, don ina son mijina.

Wani dattijo mai jaki da ke kai dabino Kano shi ya tafi da ita cikin hularsa. Da ya dawo, ga takarda a naɗe yadda ta tafi.

Muka zauna a zaure, shi da Baffa a kan buzu, ni daga bakin ƙofa. Mai jaki ya ce, "Malam, Baturen nan sai an ga dama ake ganinsa, ya zo a kan doki ya duba ya wuce. Wanda ke wurin kullum wani akawu ne, shi ke kiran sunan leburori da safe, shi ke sallamar wanda ya gama. Na miƙa masa, ya karanta bayanta, ya miƙo min da hannu biyu. Ya ce wannan ta Zaki ce, shi ko kura bai kai ba, ba zai buɗe ba."

Na ce, "Wato takardar ta shiga hannun mai ita, ta fito?"

"Haka aka yi."

"To Baba, shi akawun ya sunansa?"

"Kowa Malam yake ce masa."

"Musulmi ne?" in ji Baffa.

Mai jaki ya sosa ƙeya. Ya ce Hausarsa dai da ɗan gargada, wasu na cewa Banufe ne, wasu na cewa daga can kudu ya zo. Yana sa wando irin na Turawa, amma ya karanta ajami ba tuntuɓe. Salla kuwa bai tsaya ya ga ko yana yi ba.

Baffa ya ajiye alƙalami. Ya ce nan fa ake yin ta. In ya yi masa cikakkiyar sallama alhali ba Musulmi ba ne, ya saɓa abin da aka koya masa. In kuma ya yi masa irin ta Bature alhali Musulmi ne, ya fitar da shi daga addini a layin farko, kuma ba mai sakin miji bayan an yi masa haka.

Na ce, "Baffa, suna dai na samo. Ka rubuta zuwa ga mai kiran sunan leburori da safe a aikin hanya. Mutum ɗaya ne ke wannan aikin, ba zai ce ba tasa ba ce."

Ya dube ni, ya dubi mai jaki, ya ce ai sarakuna ma da sarautarsu ake rubuta musu. Ya rubuta. Gaisuwar kuma shi ya warware ta. Ya ce a bar Larabci, a gaishe shi da Hausa: gaisuwa mai yawa da girmamawa, da sannu da aiki, da fatan yana lafiya shi da iyalinsa. Wannan ba ta tambayar addinin kowa. Mai jaki ya ce a ƙara ranka ya daɗe. Baffa ya ce ai ba basarake ba ne. Mai jaki ya ce shi a yawonsa bai taɓa ganin wanda aka ce wa haka ya yi fushi ba. Aka ƙara.

Da aka zo sunan maigidana sai Baffa ya ɗago yana murmushi, ya ce in faɗa. Na ce, "Kai ka ɗaura mana aure, ka san shi. Bakina bai lalace haka ba." Mai jaki ya yi dariya har da tari.

Aka faɗi buƙata a taƙaice: wa'adinsa ya cika, damina ta matso, ba wani namiji a gidan. Sai na ga hannun Baffa ya nufi ƙasan takarda.

Na ce, "Kada ka sa baiwa."

"Ladabi ne kawai, 'yar nan."

"Na yarda an sa wa Zaki, ga shi ko buɗewa ba a yi ba. Wannan kuwa ɗan Adam ne mai wando. Ni 'ya ce mai 'yanci, yaushe aka sayar da ni ban ji ba?"

"To me zan sa?"

"Daga matar leburanka, mai jiran amsa."

Ya girgiza kai, ya ce tun ina yarinya haka nake. Amma ya rubuta, ya roƙa wa mutumin taimakon Allah, ya rufe da haza wasalam. Na ce ina ce an bar Larabci? Ya ce wannan ƙyauren takarda ne, ko ta Turawa da shi ake rufewa.

Mai jaki ya sake tafiya da takarda cikin hularsa. Ruwan farko ya sauka, bai jiƙa ƙasa sosai ba. Ina tsakar gida ina duban sama ina faɗa da hadari, sai na ji sallama. Ga maigidana, ya rame, hannuwa duk kanta, yana ta washe baki. Ya ce akawun ya karanta bayan takardar a gaban layi, ya ce, "Wannan kam tawa ce." Ya buɗe, ya karanta, ya kira shi ya ce ya ajiye guduma.

Har da amsa ya bayar. Na kai wa Baffa ya karanta. Ashe shi ma akawun ya rasa sunana, tunda ba a sa ba. A bayan takardar ya rubuta: zuwa ga matar lebura mai jiran amsa, a Limawa. Ciki kuwa cikakkiyar sallama ce irin ta Musulmi, da layi ɗaya, cewa ga amsar nan tafe da ƙafarta.

Baffa ya ce, "Kin gani, da na yi masa irin ta Bature?"

Na ce, "Da yanzu ni ke riƙe da fartanya."

Ruwa na biyu ya zo mai ƙarfi. Washegari yana gaba yana saran rami, ina biye da ƙwaryar iri, ina zubawa ina rufewa da diddige.