Ya Bar Mini Mabiya

Shekarar da na buɗe wa shagona na kilishi a unguwar Mile One shafi a intanet, aminina na damƙa wa shi, mutumin da muka sauka Fatakwal a mota ɗaya. Duk Juma'a sai ya miƙo mini waya yana murna: "Alhaji, dubi yadda mabiya ke ƙaruwa!" Amma kilishi na nan jibge.

Da na gaji, na ce masa mabiya ba sa cin kilishi. Daga yau abu biyu nake so in sani duk mako: mutum nawa suka turo saƙo suna tambayar farashi, nawa kuma suka saya. Ni ma na fara tambayar duk baƙon da ya shigo inda ya samu labarinmu.

Wata mata ta ce ai sau uku tana saye ta shafina, ɗan okada na kai mata har gida. Ta nuna mini. Hotunan nawa ne, sunan shagon nawa ne, amma lambar da ake latsawa a tura saƙo ta surukin aminin nan nawa ce, mai kilishi a layin bayanmu.

Ashe tuni ya san abin da ya kamata a ƙirga. Ni ya bar wa mabiya.