Dorkas da Karfasan Challawa

Shekara goma sha ɗaya Dorkas, 'yar Zonkwa da ake kira Maman Albarka, ta yi a wata masaƙa a Sharaɗa. Da aka rufe, ta sami aikin ba kifi abinci a wata gona a Challawa. Mace ce marar yawan magana, amma in ta kafe ko jakin Kano ya sara mata.

Manajan gonar, Malam Musbahu, a kiwon tarwaɗa ya ƙware. Ita kuwa tarwaɗa in ruwa ya ɓaci sai ta leƙo ta shaƙi iskar sama ta koma abinta. Da gonar ta zuba karfasa a tafki biyu, ya ɗauka duk kanwar ja ce.

Zafin Afrilu ya tsananta, gansakuka ta mai da ruwan kore shar. Wata asuba Dorkas ta tarar da kifin sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, wasu sun cunkushe inda ruwa ke shigowa. 

"Yunwa ce, Maman Albarka," in ji Musbahu. "Ƙara musu abinci."

"Malam, numfashi suke nema. Ruwa in ya yi zafi ba ya riƙe iskar da suke shaƙa. Gansakukar nan da rana ita ke ba da iskar, da dare kuma ta shanye. Shi ya sa sai da asuba suke haka. In sun ci, buƙatar iskarsu ƙaruwa za ta yi, ragowar abincin kuma ya ruɓe a ciki."

"Da yamma ai garau suke! A masaƙa kika koyi wannan?"

"A bakin tafkin nan na koya, lokacin kuna barci."

Ta ajiye bokitin abincin. Ta rage ruwan tafki na farko, ta tada injin ban ruwa, ta ɗaga bakin tiyo sama sabon ruwa yana faɗowa kamar yayyafi. Kafin ta kai ga na biyu, Musbahu ya sallame ta daga aiki, ya kashe injin, ya juye abincin duka a tafki na biyun da hannunsa.

Dorkas ta koma gida Zawaciki tana huci. Aikin nan da shi take ciyar da gida, kuma ta san hakan sarai.

Washegari da asuba sai ga ta a gonar, ba wanda ya kira ta. Tafki na biyu ya yi fari fat da cikin matattun kifi. Musbahu na tsaye a bakinsa. A na farko kuwa kifin na raye, amma sun fara tasowa neman iska.

"Ai na kore ki," ya ce, murya can ƙasa.

"Kun kore ni," in ji Dorkas, tana naɗe igiyar injin a hannu. "Su ba su kore ni ba. Malam, riƙe min tiyon nan."

Ya riƙe.