Ƙafar Fadila

Hidaya ta zo Maraɗi daga Dakoro da aure, auren ya kai ta Jiratawa, ya mutu, ita kuma ta ƙi komawa gida. Ta kama ɗaki a gidanmu a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Kowa ya san dalili: ɗiyarta Fadila na hannun dangin uba a Jiratawa, kuma an ce sai da salla za ta riƙa ganinta. Yayanta ya ba ta jari da sharaɗi: in sana'ar ba ta riƙe ta ba, ta tattaro ta dawo Dakoro.

Takalman yara take sarowa daga Kano. Ba ta da rumfa. Ta ɗauki hoto a kan farin zane, ta sa a Facebook da WhatsApp, a yi magana, ɗan kabu-kabu ya kai a babur, a biya in an gani. Ni da na shekara ashirin ina sayar da atamfa a babbar kasuwa, na ɗauki abin wasan yara, har na ga wayarta ba ta yin shiru. Sai dai ciniki na ta yawa, buhun takalma na ta ramewa. Ranar da za ta aika Kano kuɗin suka kasa, ta shigo ɗakina ido ya yi ja.

"Nawa yake zo miki?" na tambaye ta.

"Jika ukku, Inna Habsatu, har da canji da kuɗin mota. In saida huɗu da rabi. Riba jika da rabi."

"Ribar baka ke nan. Wa ke biyan mai babur?"

Ita ce, don ta rubuta kaiwa kyauta. Cikin gari sefa ɗari biyar, rabin jika ke nan. Cire kuɗin da aka turo yana cin ɗari, katin waya da talla kamar ɗari biyu a kan kowane takalmi. Saura ɗari bakwai. Kuma cikin huɗu ɗaya na dawowa, don iyaye da ido suke auna ƙafar yaro a hoto, ta biya zuwa da dawowa, jika guda a banza. Wato aike huɗu, ribar jika ɗaya da ɗari, kafin ta ci abinci ko ta biya haya. Tsibiri da Jiratawa kuwa, da ke wajen gari, kaiwa jika ne. In an saya ta tsira da ɗari biyu, in an maido ta yi asarar jika biyu.

Na duba saƙonnin, na ga wata Tsahara a Jiratawa ta maido sau uku. Na ce wannan ba mai saye ba ce, gara ce mai cin jari, a toshe ta yau.

"Gwaggon Fadila ce," in ji Hidaya. "Ba sunana a shafin, ba ta san ni ce ba. Da ta ce lamba talatin ya matse, na san ɗiyata ta kai talatin da ɗaya. In na toshe ta, daga wa zan ji, Inna?"

Ni mai faɗa ce, amma ranar tausayi ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Duk takalmin da ya dawo daga Jiratawa, ashe ba ta mayar da shi buhu. Suna ƙarƙashin gadonta, guda uku, don ƙafar yarinyar ta shiga cikinsu.

Duk da haka lissafi ba ya jin tausayi, kuma in jari ya ƙare, Dakoro ta fi Jiratawa nisa. Muka sa doka. Mai saye ya biya kuɗin kaiwa tun kafin babur ya tashi. A taka ƙafar yaro a kan takarda, a zagaye da biro, a auna tsawon a turo. Kayan wajen gari a tara su, a kai sau ɗaya ranar Asabar. Wasu suka yi fushi suka tafi. Waɗanda suka rage ba su cika maidowa ba, buhu ya fara ciko, yayanta ya daina kira.

Hidaya kaɗai ba ta yi murna ba. Tun da aka aika wa Tsahara dokar ba ta sake magana ba, wata biyu.

Wata Asabar Idirisa mai babur ya dawo daga Jiratawa, ya miƙa mata takardar littafin makaranta a ninke.

"Wata ta tare ni bakin hanya. Ta ce ba ta iya awon ga ba, ki auna da kanki. Ta ce in ce miki, uwa ta fi kowa sanin mi za ya dace."

Hidaya ta buɗe. Zanen ƙafa ne, biron ya karkace wajen yatsu, da alama mai ƙafar ta ji cakulkuli ta motsa. Ta shimfiɗa takardar a cinya, ta ɗora tafin hannunta a kai. Na miƙo mata abin awo, ba ta karɓa ba.

"Ran da na baro ta, duk ƙafar cikin hannuna take shigewa," ta ce. "Dubi, Inna. Ta wuce yatsuna."